Ina taka Harobanda da ƙafa ban gaji ba, amma zagaye ɗaya na fili yana kada ni

Sanusi Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin motsa jiki na cikin gidan nan. Ina shirin gwajin ɗaukar soji, wata biyu ke nan ina fita gudu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: kusan kullum ina tashi daga Bukoki da ƙafa, in ƙetare gadar Kenedi har Harobanda wajen shagon yayana, waya tana nuna kilomita 6, ko haki ba na yi. Mita 100 kuma ina yin ta a sakan 13 da rabi, a fadarmu ba mai kama ni. To amma zagaye ɗaya na fili, mita 400 kacal, da na kai kwana ta ƙarshe sai ƙafafuna su zama kamar an ɗaura musu buhun siminti. Jiya har amai na yi a bakin fili. Sakan 74 na yi. Wanda ya fi ni nauyi, wanda nake bari a baya a mita 100, ya wuce ni yana dariya. Ciwo ne ko me?

Laminu Kabu-kabu:
Rashin ci ne ɗan uwa. Ka sha fura mai kauri da nono kafin ka fita, ka ɗora lemon ƙarfi na gwangwani guda. Ni haka nake wuni a kan babur.

Koc Bube:
Wa alaikumus salam. Ba ciwo ba ne ƙanena, asid laktik ne. Jiki yana da injin uku. Na farko yana aiki sakan goma ya mutu, na biyu ya karɓa har minti ɗaya ko biyu, shi ne mai zubo asid a cikin tsoka, sannan na uku mai aiki da numfashi ya karɓa. Kai na biyunka ne bai da horo. Asid ɗin ne kuma yake kwana a cinya, shi ya sa gobe da jibi ba ka iya tsuguno. Maganinsa gudu a kan gudu ba hutu. Yarana na balo ina sa su mita 30 sau goma sha biyar, hutu sakan 20. Wanda ya faɗi ya tashi.

Mushe Idi:
Sanusi, kafin in ce komai, ba ni abu guda. Wa ya riƙe maka lokaci jiya? Ya duba nawa ka yi a rabin zagaye, wajen mita 200?

Sanusi Bukoki:
Abokina ne da waya, Mushe. Ya ce a rabi ina 31. Har ya yi ihu wai zan yi minti ɗaya.

Mushe Idi:
To ka ba da amsar da bakinka. Rabin farko 31, rabin biyu 43. Tazarar sakan 12 ke nan. Ka riƙe wannan, zan dawo kanta.

Koc Bube ya faɗi gaskiya cewa hanyoyi uku ne, amma akwai gyara a yadda ya jera su. Bari in faɗa yadda nake faɗa wa ɗalibaina a lakwal, da maganar ruwa, tunda duk ɗan Yamai ya san wahalarsa.

Tsoka ba ta san tuwo ba, ba ta san fura ba. Abu ɗaya take kashewa in za ta motsa, sunansa ATP. Wanda ke ajiye a cikinta ɗan kaɗan ne ƙwarai, in ka zabura da iyakar ƙarfinka sakan biyu zuwa uku zai yi maka. Ka ɗauke shi moɗar da ke hannunka. Duk zancen hanyoyi ukun nan, zancen yadda ake sake cika moɗar ne tun ba ta bushe ba.

Akwai bokiti cike a gefenka. Kamfata kawai za ka yi, ba jira. Shi ne fosfokiratin, yana nan cikin tsoka, yana mayar da ATP nan take, ba ya neman iska. Amma bokiti ne, ba rijiya ba: wajen sakan goma na cikakken gudu ya kusa ganin gindi. Kaso mai yawa na mita 100 ɗinka a kansa yake tafiya.

Akwai ɗan garuwa. Yana kawo ruwa da yawa da sauri, amma biyansa da tsada. Wannan ita ce fasa sukari cikin gaggawa ba tare da jiran iska ba. Sukarin da ma yana ajiye a tsoka, ana kiransa gilikojen.

Sai famfo. Zubarsa siririya ce, amma ba ya tsayawa. Shi ne ƙona sukari da kitse da iskar da kake shaƙa. Tafiyarka ta Harobanda a kansa take, kuma zubar tasa ta ishi abin da tafiya ke ci, shi ya sa ba ka haki.

Inda na saɓa da Koc: ba layi suke bi ba, wai wannan ya mutu wancan ya karɓa. Duka ukun a buɗe suke tun takun farko. Ɗan garuwa yana fara zubawa tun sakannin farko na mita 100. Famfo ma yana ƙara buɗewa tun daga tashi, sai dai yana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ya kai cikarsa. Abin da ke sauyawa shi ne wa ya fi kawo ruwa a wannan lokacin.

Laminu Kabu-kabu:
Mushe, famfon da ba ya tsayawa a wace unguwa yake? Mu namu sai ƙarfe uku na dare yake tari.

Mushe Idi:
Haha, Laminu ka kama ni. To ka ɗauke shi famfon Aljanna. Shi na jiki ranar da ya ɗauke, sai dai a kira liman.

Zalika:
Ina kwananku. Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na jami'ar Abdu Mumuni, bara muka yi wannan darasin, bari in sa baki kaɗan. Koc, ka yi haƙuri, maganar asid da ke kwana a cinya ba haka take ba. Laktat ɗin, wato abin da ka kira asid laktik, da ke taruwa a jini bayan gudu mai tsanani yana komawa daidai cikin awa ɗaya ko makamancin haka, in mutum yana ɗan tattaki ma ya fi saurin sauka. Kuma ba datti ba ne. Zuciya tana ƙona shi, sauran tsokoki suna ƙona shi, hanta tana mayar da shi sukari. Miji da mata ne, Karl da Gati Kori, suka bayyana wannan zagayen na tsoka da hanta, sun samu kyautar Nobel a 1947. Ciwon gobe da jibi kuwa ƴan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya. Shi ya sa gangarowa daga tudu ta fi kawo shi, alhali ba ta tara laktat sosai.

Koc Bube:
Ƙanwata, shekara goma sha huɗu ina fili. To in ba asid ba ne, mene ne ke ƙuna a cinya a mita 300? Aljani?

Zalika:
Ban ce ba ƙuna ba Koc. A lokacin gudun tsoka tana yin tsami da gaske. Na ce ba ya kwana ne. Shi tsamin ma, malaminmu ya ce ba shi kaɗai ke kashe ƙafa ba. Fosfat ɗin da ke zubewa in an fasa fosfokiratin yana hana tsoka matsewa da ƙarfi, gishirin fotasiyom kuma yana fita daga cikinta har saƙon jijiya ya raunana. Wanne ya fi laifi, masana suna ta ja har yau.

Koc Bube:
To kin ga ashe su ma ba su gama ba. Ni dai abin da na sani, yaro in ya saba da ƙunar, yana daɗewa kafin ta kada shi.

Mushe Idi:
Wannan kam gaskiyarka ce Koc, ba mai musu. Horo yana ƙara wa tsoka iya jure tsamin da fitar da shi.

Mu koma kan Sanusi da 31 da 43 ɗinsa. Ga abin da ya faru da kai jiya, mataki mataki.

Ka tashi kamar mita 100 za ka yi. Kafin ka fita daga kwanar farko ka kife bokitin. Daga nan har rabin fili ɗan garuwa ne ke ɗauke da kai, kana ta karɓa ba ka tambayi kuɗi ba. Dubi tsadarsa: in aka fasa ƙwayar sukari ɗaya ta hanyar gaggawa, ATP biyu ko uku ake samu. In aka bar ta ta ƙone sosai da iska, kusan talatin take bayarwa. Ke nan don ka samu ruwan da cikakken gudu ke sha, sai ka fasa sukari da yawa cikin ɗan lokaci, tsamin kuma ya taru da sauri. Wajen sakan 35 zuwa 45 ɗan garuwa ya miƙo hannu. A lokacin kana tsakanin mita 230 da 280, daidai kwanar da ka ce ana ɗaura maka siminti. Abin da ya rage maka sai famfo, shi kuwa zubarsa ba ta kai ta riƙe wannan saurin. Dole ƙafa ta sauko zuwa abin da famfo zai iya ciyarwa. Ba ragwanci ba ne, ko ka ciji haƙori haka za ta yi.

Wanda ya wuce ka yana dariya, ina kyautata zaton ya yi rabin farko a 35 ne ya yi na biyu a 37. Bai fi ka gudu ba, ya fi ka rabon ruwa, wataƙila kuma famfonsa ya fi naka faɗi.

Mutane suna ɗauka gudun minti ɗaya ba ruwansa da numfashi. A'a. A mita 400 ta ƙwararru ma, kusan kashi biyu cikin biyar na ƙarfin daga iska yake zuwa. In gudun ya kai wajen sakan 75, to an kusa raba daidai. Kai da kake yin 74, rabin aikinka na famfo ne.

Sanusi Bukoki:
Mushe to ai ni famfona mai kyau ne, kilomita 6 kullum fa.

Mushe Idi:
Tafiya ba ta matsa masa. Jakin da kullum tulu biyu yake ɗauka ba zai san buhu ba sai ranar da aka aza masa. Kana tafiya kana amsa waya kana gaisawa da mutane, zuciyarka ba ta kai inda za ta ƙara girma ba. Sai ka riƙa sassarfa ta minti 30 zuwa 40, irin wadda za ka iya yin magana gajera amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Ɗan Adar:
Salamu alaikum, daga Tawa nike. Ni ban yi lakwal mai nisa ba, amma na yi kokowa shekara tara, har na shiga zaɓen jaha sau biyu. Abin ga da Mushe ka faɗi mun san shi a jiki ko ba mu san sunanshi ba. In kunka kama da mutum, ɗauka guda ɗaya ta gaske gare ka. In ka yunƙura ka ɗaga shi bai tahi ƙasa ba, to kada ka sake yunƙurawa nan take, hannu ba shi da komi. Sai ka riƙe, ka jingina kai da kai, ka yi ta zagaye kamar kana neman ƙafa, alhali hutawa kake. Ƴan kallo su yi ta ihu an ƙi kokowa, har alƙali ya yi gargaɗi. Tsohon da ya koya muna ya kan ce ƙarhi baƙo ne, in ya hita sai ka ba shi lokaci ya komo. To Mushe, wannan bokitin naka, minti nawa yake ɗauka ya cika?

Mushe Idi:
Barka da zuwa zaki. Ku ne da kokowar ai, tunda a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Tambayarka ita ce ta fi kowacce amfani a zancen nan.

Bokitin yana dawo da kusan rabinsa cikin sakan 30 na hutu. Daga nan cikar tana rage sauri, sai an yi minti uku zuwa biyar ya kusa cika. Wa ke cika shi? Famfo. Fosfokiratin ba ya dawowa sai da iska. Hakin da mutum ke yi bayan ya tsaya, wani ɓangarensa aikin cika bokitin ne. Saboda haka ɗan kokowar da ke fita sassarfa da asuba ba ɓata lokaci yake ba. Ɗaukarsa ta farko ba za ta ƙaru da sassarfa ba, amma ta biyu da ta uku za su zo masa da wuri fiye da abokin karawarsa. Haka Alfaga da ya ciyo mana azurfa a Riyo a 2016: turmin taikwando minti biyu ne, amma ba minti biyu ake yi ana duka ba, harbi ne na ƙiftawar ido, a ja baya, a sake.

Wannan ya kawo ni kan horon Koc, kuma Koc ka yafe ni. Mita 30 sau goma sha biyar da hutun sakan 20, in saurin yara kake nema, ba shi kake horarwa ba. Na farko da na biyu ne kawai ke tafiya a kan bokiti cikakke. Daga na huɗu bokitin bai dawo ba, ɗan garuwa da famfo ne ke aiki, yaro yana gudu a hankali yana jin kamar zai mutu. Riƙe agogo ka gani: wanda ya yi na farko a sakan 4 da rabi, na goma zai haura 5. Kana koya masa jure wahala, ba zabura ba. In sauri ake so, mita 30 sau shida, hutu minti biyu zuwa uku, kuma da lokaci ya fara lalacewa a tsaya, ko yaro ya ce bai gaji ba.

Koc Bube:
Mushe, ina girmama ka, amma a wasa wa zai ba yaro minti uku? In an ƙwace balo ya ce wa ɗan gaba dakata bokitina bai cika ba? Kuma fili awa ɗaya muke samu kafin manya su kore mu. In na zaunar da yara ashirin suna hutun minti uku, rabinsu sun tafi kallon waya.

Mushe Idi:
Ban ce ka daina naka ba. Balo tana buƙatar maimaita gudu cikin gajiya, naka yana da wurinsa. Na ce kada ka kira shi horon sauri. Ka raba: Talata sauri da dogon hutu, a cikin hutun su riƙa ba juna fas a tsaye, Alhamis naka na wuta.

Koc Bube:
Zan duba. Amma yarana sun ci kofin unguwa sau biyu da wannan tsarin, ban ga wanda ya fi su gudu ba.

Hajiya Rabi:
Ku gafarce ni ƴaƴana, na ga ana maganar kitse shi ya sa na shigo. Likita ya ce sukarina ya ɗan hau, in riƙa tafiya. Ni da maƙwabciyata muna zagaya bayan filin Seyni Kunce bayan asuba, awa ɗaya. Ita ta ce wai sai an wuce minti talatin kitse ke fara narkewa, kafin nan aikin banza ne. In gaskiya ne ranar da nake da ƴan makaranta ba sai in zauna ba, tunda minti ashirin kawai nake samu?

Zalika:
A'a Hajiya, kada ki zauna. Yanzu haka da kike zaune kina karanta saƙon nan jikinki yana ƙona kitse. Tun takun farko ana ƙona kitse da sukari tare, sai dai in tafiya ta yi tsawo rabon kitsen yana ƙaruwa a hankali. Ba wata ƙofa da ke buɗewa a minti talatin. Ke kuma da sukari ne damuwarki, tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini, minti ashirin ɗin ma riba ce, musamman bayan cin abinci.

Mushe Idi:
Hajiya, bari in yi miki lissafi da tafiyar Sanusi don kada a yi tsammanin abin da ba zai zo ba. Sanusi nawa ne nauyinka?

Sanusi Bukoki:
Kilo 62.

Mushe Idi:
Mai kilo 62 in ya taka kilomita 6 zai kashe wajen kalori 280, ko ƙasa ko sama kaɗan. A ce rabi daga kitse ya fito, 140 ke nan. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne. Raba ka gani: wajen giram 15. Cokalin miya ɗaya na mai, Hajiya, daga Bukoki har Harobanda. Shi ya sa bai gajiya. Siririn mutum kamarsa ma yana ɗauke da kitse kilo da yawa, ba tafiyar da za ta ƙarar da shi. Sukarin ajiya ne mai iyaka, na tsoka da na hanta in an haɗa wajen rabin kilo, kuma gudu mai ƙarfi na awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne ke cinye shi, ba tafiya ba. Mai doguwar tafiya a garin nan ƙishirwa da rana da tafin ƙafa ne ke tsayar da shi tun kafin mai ya ƙare.

Hajiya Rabi:
Cokali ɗaya! Ni da nake zuba ludayi a miya. To Allah ya kyauta. Zan faɗa wa maƙwabciyar tawa, ko da yake ba ta karɓar gyara.

Laminu Kabu-kabu:
To ni ba a amsa mini ba. Furar fa? Kuma akwai wani gari da masu ɗaga ƙarfe ke saye a gwangwani, kiratin, wani fasinjana ya ce jaka goma sha biyar ya saya. Ba shi ne bokitin ba? Sanusi ya saya ya huta.

Mushe Idi:
Furar da aka sha minti goma kafin gudu tana cikin ciki, ba ta kai tsoka ba. Tuwon jiya da daddare ne ke gudu da kai yau. Mai yiwuwa ma irin wannan ce ta taimaka wa aman Sanusi, don in gudu ya yi tsanani jini yana barin hanji ya koma ƙafa. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci mai nauyi da fili.

Kiratin kuwa, e, shi ne kayan bokitin. Jiki yana haɗa nasa, ana kuma samu a nama da kifi. Na gwangwani yana ɗan ƙara girman bokitin, ya fi amfanar mai ɗaga ƙarfe da mai maimaita gajeren gudu. Amma matsalar Sanusi ba a sakan goman farko take ba, can ya fi kowa. Ya riƙe kuɗinsa ya sayi takalmi.

Majo Hadiza:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Duk kun ce ba ciwo ba ne, kuma mai yiwuwa haka ne, amma ba wanda ya tambaye shi wani abu. Sanusi, ka taɓa yin gwajin sikila? Mutane da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da rabin ta, AS, ba su sani ba, suna zaune lafiya. Amma irin wannan gudun na iyakar ƙarfi, cikin zafi, ba ruwa a jiki, shi ne inda take iya nuna kanta, kuma an sha ganin haka wajen horon sababbin sojoji. Na taɓa karɓar wani saurayi da aka kawo daga irin wannan gwajin a watan Afirilu, cinyoyinsa sun kumbura, fitsarinsa ya koma kalar shayin farko. Tsoka ce ta farfashe har ta taɓa ƙoda. Ya tashi, amma ya kwana biyu a gado.

Ƙuna da nauyin ƙafa da ke wucewa bayan ƴan mintuna na hutu, wannan na kowa ne. Amma ciwon ƙirji, ko jiri har a faɗi, ko ƙafa ta saki tun ba a yi nisa ba, ko baƙin fitsari, wannan asibiti ne ba jarumta ba.

Sanusi Bukoki:
Ban taɓa yi ba Anti. Fitsari dai lafiya lau, kuma bayan minti goma na warware har na taka zuwa gida. Amma da ƙarfe huɗu na yamma muke gudun.

Majo Hadiza:
Ƙarfe huɗu a Yamai? Ka mayar da shi bayan asuba, ka sha ruwa tun dare. Gwajin kuma ka je ka yi, ba shi da wuya.

Ɗan Adar:
Majo ta yi gaskiya. Mu ma takobi lokacin ɗari aka yin shi.

Mushe Idi:
Na gode Majo, wannan ya wuce ni kuma bai kamata ya wuce ni ba.

Sanusi ga abin da za ka gwada ranar Asabar in ka huta kwana biyu. Ka ɗumama jiki minti goma sha biyar, don famfo ya riga ya buɗe kafin a tashi. Mita 50 na farko ka tashi da ƙarfi, bokitin na kashewa ne, ba ribar ɓoye shi. Daga nan ka saki kafaɗa ka riƙe saurin ba tare da ƙara matsawa ba. Abokinka ya tsaya a rabi ya kira maka lokaci: 34 muke nema, ba 31 ba. Za ka ji kamar kana wasa, kada ka yarda da wannan jin. Ƙunar za ta zo duk da haka, amma a mita 320 maimakon 250.

Kada ka nemi rabi biyun su zo daidai. Ƙwararru ma rabin farko ya fi sauri. Fan Nikak na Afirka ta Kudu da ya kafa 43.03 a Riyo, shi ma ya rage gudu a ƙarshe, haka Aminatu Seyni tamu da ta yi 49.19 a 2019. Kowa yana mutuwa a layin ƙarshe, sai dai nasu bambancin ɗan kaɗan ne. Kai in ka mayar da 12 ɗinka ta zama 3 ko 4, ka gama.

Sauran mako: sassarfa sau biyu ko uku, sannan rana ɗaya kawai ta mita 200 sau huɗu a sakan 35, hutu minti uku. Rana ɗaya na ce. Wannan horon ba a yin sa kullum.

Sanusi Bukoki:
Ƴan uwa na dawo da labari. Yau da safe na gwada. Rabi 33, na ɗan zarce abin da Mushe ya ce, don da na ji yaron nan a bayana raina bai ba ni ba. Na gama a 70. Simintin ya zo amma sai da na miƙe layin ƙarshe. Ban yi amai ba. Gwajin jini kuma sun ce in koma Litinin in karɓa.

Koc Bube:
Sakan huɗu a mako ɗaya ba horo ba ne, dabara ce kawai. Ka zo filinmu Alhamis in ga ko za ka kai na goma.

Mushe Idi:
Ai abin da muka ce ke nan Koc, dabara ce. Horon sai nan da mako shida za a gan shi. Sanusi kada ka je wurinsa sai takardar Majo ta fito.

Ɗan Adar:
Mushe ni ina da saura. In mutum ya yi ɗaukar hwarko ta ƙi, sakan talatin ɗin nan da ka ce, a tsaye cik ya fi ko ana ɗan motsi? Don in kana riƙe da ƙato mai kilo ɗari, hannunka bai hutawa ko kana tsaye.

Mushe Idi:
Nan ka kai ni bakin ruwa. Tsokar da ke matse da ƙarfi tana danne jijiyoyin jininta, iska ba ta shiga sosai, to bokitin hannu ba zai cika ba muddin kana damƙe da shi, ko da na cinya yana cika. Yadda za a sassauta riƙo ba a ba da ƙafa ba kuwa, wannan ku za ku koya mana.

Ɗan Adar:
Akwai yadda aka yi, da goshi da gwiwar hannu. Amma ba shi faɗuwa a rubuce. In ka zo Tawa ka neme ni, ka taho da wandon da ba ka so.